Talla Biyu, Wanne Ya Fi? Yadda Ake Gane Ko Alƙaluma Sun Kai a Yanke Hukunci

Duk wanda ya taɓa biyan kuɗi Facebook ko Instagram su tallata masa haja ya san wannan lokacin. An saka talla biyu a tare, an kwana biyu ko uku, an buɗe waya an ga ɗaya ya kawo mutane fiye da ɗayan. Nan take zuciya za ta ce a kashe na baya, a zuba kuɗin duka a kan na gaba. Yawancin 'yan kasuwa haka suke yi, kuma sau da yawa abin da suka ɗauka nasara ce ba komai ba ne illa sa'a. Akwai hanyar rarrabe fifiko na gaskiya da sa'a, hanyar da ba ta buƙatar digiri a lissafi, kalkuletar da ke cikin waya ta isa.

Bari mu bi misali guda daga farko har ƙarshe. Alƙaluman da ke cikinsa na misali ne, an zaɓe su don lissafin ya fito fili. A ce wata baiwar Allah ce a Kano, tana saro atamfa a Kantin Kwari tana sayarwa ta WhatsApp. Ta shirya talla biyu. Na farko, mu kira shi A, hoton turame ne a jere an rubuta farashi a ƙasa. Na biyu, B, ɗan gajeren bidiyo ne da aka warware turmi ɗaya ana nuna zanensa. Duk wanda ya taɓa tallan, kai tsaye zai faɗo WhatsApp ɗinta. Ta ware wa kowane talla naira 2,750 a rana.

Kafin a zo ga ƙirga, akwai sharaɗin da in babu shi duk lissafin banza ne: rabon ya zama na adalci. Idan ta zuba tallan biyu a rukuni ɗaya ta bar Facebook ya raba yadda ya ga dama, ba gwaji ta yi ba. Tsarin Facebook yakan karkata tun da wuri ga tallan da ya fara samun karɓuwa, ya tura masa mafi yawan kuɗin, ya bar ɗayan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshe za a ga ɗaya ya kai ga mutum 8,000, ɗayan 2,000, sannan a ce na farko ya yi nasara, alhali na biyun ba a ba shi fili ba. Haka nan wanda ya saka A a makon nan, B a makon gobe, shi ma bai gwada tallan ba, makonni biyu ya gwada. Abin da ya dace shi ne a yi amfani da A/B Test da ke cikin Ads Manager. Shi yana raba masu kallo gida biyu ba da zaɓe ba, kowane mutum ya ga talla ɗaya kawai, kuma ana iya ba kowane gida kuɗi daidai da ɗan'uwansa, a rana ɗaya, a gari ɗaya.

Mai atamfarmu ta yi hakan. Bayan kwana uku kowane talla ya kai ga mutum 5,000. A ya kawo saƙo 20, B ya kawo 30.

A ido, magana ta ƙare. Mutum dubu goma sun ga tallan, kuma B ya fi A da rabi. To amma a nan ne kuskure na farko yake. Ƙarfin gwaji ba ya rataye a kan yawan waɗanda suka ga talla. Yana rataye ne a kan yawan waɗanda suka aikata abin da ake ƙirgawa. Mutum 9,950 da suka wuce ba su tanka ba kusan ba su gaya mata komai game da bambancin A da B ba. Shaidunta na gaskiya 50 ne, masu saƙon nan.

Yanzu tambayar da ya kamata ta yi wa kanta ita ce: da tallan biyu ƙarfinsu ɗaya ne, sau nawa saƙo 50 za su rabu 30 da 20 haka kawai? Ka tuna kwabon da alƙalin wasa yake jefawa kafin a take ƙwallo. Kwabon ba ya son kowa, amma idan ka jefa shi sau 50 da wuya ya ba ka 25 da 25 cif. Wani lokaci 27 da 23, wani lokaci 22 da 28. Lissafi ya nuna cewa rabon da ya kai 30 da 20 ko ya fi haka karkata, ta kowane ɓangare, yana faruwa kusan sau ɗaya cikin biyar. Wato ko da ta saka talla ɗaya tak sau biyu, ta kira ɗaya A ɗaya B, a cikin gwaji biyar za a samu ɗaya da zai nuna mata irin wannan tazarar. Abin da ke faruwa sau ɗaya cikin biyar da kansa bai isa hujja ba.

Ma'aunin da za a iya yi a waya

Akwai ɗan gajeren lissafi da ke aiki idan an raba kuɗi daidai tsakanin tallan biyu, kuma masu tankawa 'yan kaɗan ne cikin masu gani, kamar yadda yake a kusan kowane talla. Ka haɗa sakamakon biyu. Ka danna alamar √ a kalkuleta, wadda ke ba ka lambar da in an ninka ta da kanta za ta dawo da jimillar. Ka ninka abin da ya fito sau biyu. Tazarar da ke tsakanin tallan biyu sai ta wuce wannan lambar kafin a saurare ta.

```
B − A > 2 × √(A + B)
```

A wajen mai atamfa, jimilla 50 ce. √50 ya ba da 7 da ɗan ɗoriya, ninki biyu ya kama 14. Tazararta 10 ce. Ba ta kai ba. Da a ce saƙonnin sun rabu 33 da 17, tazara 16, da ta haye.

Wannan "ninki biyu" yana da asali. Yana daidai da cewa ba za mu yarda da bambanci ba sai irin wanda sa'a kaɗai ba ta haifar da shi fiye da kusan sau ɗaya cikin ashirin. Masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted yana kwatanta amfanin gonakin gwaji, shi ya yaɗa wannan ma'auni a littafinsa na 1925. Ba doka ce daga sama ba, al'ada ce da masu bincike suka ga ta dace suka riƙe. Amma al'ada ce mai amfani, domin tana hana mutum yaudarar kansa.

Yana da kyau mai talla ya san cewa kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ma'auninsa ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba. A bayanan taimakonsa ya ce a gwajin A da B, idan tabbacin ya kai kashi 65 cikin 100, ana ɗaukar an samu wanda ya yi nasara. Kashi 50 shi ne canki-canka, don haka 65 bai yi nisa da canki-canka ba. Idan allo ya nuna maka an samu zakara, kada ka tsaya a nan. Duba adadin tabbacin da aka rubuta, sannan ka yi naka lissafin.

Tun kafin a fara ake sanin adadin

Tambayar "ya isa ko bai isa ba" ta fi sauƙin amsawa kafin a kashe ko sisi. Abin da za a fara yankewa shi ne: wane irin bambanci ne ya kai a damu da shi? Amsar ita ce ke faɗin yawan sakamakon da za a tara, kuma gwargwadon ƙanƙantar bambancin da ake nema, gwargwadon tsadar ganinsa. Idan ana son gwajin ya kama bambancin sau takwas cikin goma in har yana nan, ga yadda abin yake a ƙiyasce. Don gane tallan da ya ninka ɗan'uwansa, jimillar sakamako 70 daga tallan biyu ta wadatar. Don gane wanda ya fi da rabi, ana buƙatar kusan 200. Wanda ya fi da kashi 20 cikin 100 yana neman kusan 950. Wanda kuwa ya fi da kashi 10 kacal, sai an tara kusan 3,500.

A mayar da wannan kuɗi a ga. Idan kowane saƙo yana cin mai atamfa kusan naira 300, saƙo 200 naira 60,000 ne. Saƙo 950 naira 285,000 ne. Saƙo 3,500 kuwa ya haura naira miliyan ɗaya. A ganina wannan shi ne abu mafi amfani da ƙaramin ɗan kasuwa zai ɗauka daga duk wannan bayani. Kada ya ɓata kuɗinsa yana gwada jan rubutu da shuɗin rubutu, ko "Yi oda yanzu" da "Tuntuɓe mu yanzu". Irin waɗannan bambancinsu ƙanƙane ne, aljihunsa ba zai taɓa nuna masa shi ba. Ya gwada abubuwan da suka yi hannun riga: hoto da bidiyo, farashi a fili da farashi a ɓoye, Hausa da Turanci, haja a jere da haja a jikin mutum. Kuma talla biyu kawai, domin kowane ƙarin talla yana raba 'yan saƙonnin da ake da su, yana kuma ƙara yiwuwar ɗaya ya yi fice bisa sa'a.

Masu gwada abubuwa da yawa a lokaci guda suna da jama'ar da za su ɗauki nauyin hakan. A yaƙin neman zaɓen Barack Obama na 2008 an gwada fasali 24 na shafin farko na gidan yanar gizonsa, aka haɗa maɓalli huɗu da hotuna uku da bidiyo uku. Mutum sama da 310,000 ne suka shiga gwajin. Ma'aikatan sun fi son bidiyon, amma duk bidiyon uku suka zo bayan hotunan. Wanda yake da masu ziyara dubu ɗari uku yana iya raba su gida 24. Mai saƙo 17 a rana ba zai iya ba.

Mai atamfarmu ta ce ita dai in bambancin bai kai rabi ba, bai dame ta ba. Ke nan saƙo 200 take nema. Tana samun kusan 17 a rana daga tallan biyu, wato kwana 12. Sai ta mayar da shi kwana 14, mako biyu cif. Dalilin cika mako shi ne ranaku ba ɗaya suke ba. Yadda mutane ke riƙe waya ranar Juma'a daban, na Litinin daban, kuma mai yiwuwa ne bidiyo ya fi tafiya da daddare ko a ƙarshen mako lokacin da mutane suka sami sukunin kallo. Meta kansa yana ba da shawarar kada gwaji ya gaza kwana bakwai, kuma kwana 30 ne iyakar da ya ba shi. Akwai kuma dalili na biyu. A kwanakin farko tsarin yana laluben waɗanda za su fi tankawa, shi ne ake ganin an rubuta Learning a gefen tallan, kuma yakan buƙaci sakamako kusan 50 cikin mako guda kafin ya daidaita. Alƙaluman wannan lokacin suna yawan tashi da faɗuwa. Duk wani babban gyara da aka yi wa tallan a tsakiya, kamar canza hoto ko masu kallo, yana mayar da laluben farko, ya kuma ɓata gwajin.

Sai kuma a lura da lokacin shekara. Gwajin da aka yi a goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke neman kayan sallah, yana faɗin abin da ya shafi masu sayayyar sallah ne. Ba lallai hukuncinsa ya yi aiki bayan wata biyu ba.

Leƙe yana da haɗarin da mutane da yawa ba su sani ba. Mutum zai ce, to ai sai in riƙa yin lissafin nan kullum da safe, ranar da tazarar ta haye in tsayar. Wannan dabara tana rushe ma'aunin gaba ɗaya. Alkawarin "sau ɗaya cikin ashirin" na wanda ya duba sau ɗaya ne, a ranar da ya ɗiba tun farko. Tazara tana hawa tana sauka kowace rana, kuma wanda yake jiran ta haye ko da na yini ɗaya ne don ya tsayar, yana ba sa'a dama bayan dama. Peter Armitage da abokan aikinsa biyu sun lissafa wannan a 1969. Idan babu wani bambanci na gaskiya, wanda ya duba sau biyar yana shirin tsayawa, yiwuwar ya ga nasarar ƙarya tana tashi daga kashi 5 zuwa kusan 14 cikin 100. Wanda ya duba sau goma, kusan 19. Ba a hana buɗe Ads Manager don a tabbatar tallan yana tafiya kuma kuɗi na fita daidai ba. Abin da aka hana shi ne yanke hukunci kafin ranar. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a gwajin talla Laraba takan yi ƙarya.

Ranar hukunci

Kwana 14 sun cika. Kowane talla ya ci naira 38,500. A ya kawo saƙo 110, B ya kawo 146, bayan ta cire masu maimaita saƙo, domin mutum ɗaya da ya yi magana sau uku shaida ɗaya ne. Jimilla 256. √256 shi ne 16, ninki biyu 32. Tazara 36 ce. Ta haye. Yanzu tana da hujjar cewa bidiyon ya fi hoton jawo saƙo: kowane saƙo ya tsaya mata a kusan naira 264 ta B, naira 350 ta A.

A lura da abu guda. A kwana na uku B yana gaba da rabi, yanzu kuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Haka aka saba gani, tazarar farko takan zo da kumburi, sai alƙaluma sun taru take saɓewa. Ko wannan kashi ɗaya cikin ukun ma ba tabbatacce ba ne. Da saƙo 256, fifikon B na gaskiya yana iya zama ƙarami kamar kashi 4 cikin 100, yana iya kaiwa kusan 70. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne wanda ke gaba. Nisan da ya ba ɗan'uwansa har yanzu ƙiyasi ne mai faɗi, don haka kada ta gina lissafin ribar wata shida a kansa.

Sai dai saura babbar tambaya, kuma ita ce ta fi ci mini rai idan na ga an tsallake ta. Saƙo ba ciniki ba ne. Duk mai sayarwa ta WhatsApp ya san masu "nawa ne?" da ba a sake jin ɗuriyarsu. Mai atamfarmu ta yi dabara tun farko: ta sa wa kowane talla saƙon buɗewa daban, ta kuma yi wa kowane mai magana alama a WhatsApp Business, don ta san ta inda ya shigo. Da ta ƙirga waɗanda suka tura kuɗi, sai ta ga 33 daga A, 35 daga B. Jimilla 68, ma'aunin ya kama 16 da rabi, tazara kuwa 2. A wajen ciniki babu wanda ya yi nasara. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hoton A yana ɗauke da farashi, don haka wanda ya yi magana ya riga ya ga kuɗin ya amince. Bidiyon B ya jawo masu sha'awar kallo da masu tambaya, ya ƙara mata aikin amsa saƙo 36 don ƙarin ciniki biyu. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Da za ta nemi hukunci a kan cinikin kansa, sai ta tara ciniki 200, wanda zai ɗauke ta kusan mako shida da kuɗin da ya haura naira 220,000. Ga kuma jinkiri, domin wadda ta ga talla ranar 20 ga wata tana iya jiran albashi kafin ta biya, don haka ko bayan an tsayar da gwaji ya kamata a ƙara 'yan kwanaki kafin a rufe ƙirgar ciniki. Wannan ita ce matsalar da ba ta da magani mai sauƙi: abin da ke taruwa da sauri, kamar dannawa da saƙo, ba shi ne abin da ake nema ba, abin da ake nema kuwa a hankali yake taruwa. Mafita mai ma'ana ita ce a zaɓi matakin da ya fi kusa da kuɗi wanda kuma za a iya tara adadinsa. Ga mai atamfa, wataƙila masu neman lambar asusu ko masu tambayar kuɗin aike, waɗanda sun fi masu "nawa ne?" kusa da saye. A zaɓi wannan ma'aunin kafin a fara, a rubuta shi. Wanda ya bari sai sakamako ya fito sannan ya duba dannawa, ya duba saƙo, ya duba ciniki, ya ɗauki wanda ya fi faranta masa, ya koma gidan mai leƙe.

To me za ta yi yanzu? Canjaras ma sakamako ne. Ya gaya mata cewa babu alamar ɗayan tallan ya yi wa ɗayan nisa a ciniki, saboda haka tana da 'yancin zaɓa bisa wasu dalilai. Hoto ya fi bidiyo sauƙin haɗawa, kuma A yana rage mata wahalar amsa waɗanda ba za su saya ba. Idan kuma tana son tara lambobin masu sha'awa don ta riƙa nuna musu sabon kaya, B ya fi. Gwaji na gaba da ya cancanci kuɗinta a bayyane yake: bidiyon nan da farashi a jikinsa, a kara shi da hoton.

Akwai bambanci tsakanin zaɓa da ɗaukar darasi, kuma a nan ne nake ganin ya kamata a sassauta a wani wuri, a tsananta a wani. Idan kuɗi ya ƙare a kwana na uku, dole a ci gaba da talla ɗaya, babu laifi a ɗauki mai saƙo 30 a bar mai 20. Shi ya fi kusa da zama daidai, kuma in an yi kuskure asarar ba ta da yawa, gobe ana iya canzawa. Laifin shi ne a mayar da wannan zaɓin ƙa'ida, a ce "mun gwada, bidiyo ya fi hoto", a sayi kyamara, a ɗauki mai haɗa bidiyo, a gaya wa abokan kasuwa. Gwargwadon girman kuɗin da za a ɗora a kan hukunci da wuyar janye shi, gwargwadon yawan hujjar da yake buƙata. Ko gwajin da ya haye ma'auni, hukuncinsa a kan wannan bidiyon ne da wannan hoton, ga waɗannan mutanen, a wannan lokacin.

Ga masu ba wani kwangilar yi musu talla, ku ma kuna da haƙƙin tambaya. Idan ya zo ya ce talla kaza ya yi nasara, ku ce ya faɗi sakamako nawa kowanne ya kawo a lamba, ba a kaso ba, nawa kowanne ya ci, kwana nawa aka yi, kuma yaushe aka yanke ranar tsayawa. Ku haɗa lambobin biyu, ku danna √, ku ninka biyu. In tazarar ba ta haye ba, kada ku ƙara kuɗi a kan wannan hukuncin sai an cika kwanakin.